Ma'aunin Siminti da Yashi a Ayyukan Gininmu: Jawabi a Taron Shekara

 

Kasancewar kuɗin da muke tarawa domin gina ajujuwa da ɗakin shan magani gumin jama'a ne, mun ga ya kyautu mu tattauna a kan yadda ake haɗa siminti da yashi, domin 'yan kwamitin aiki su san abin da za su sa wa ido.

Da farko sai mu daidaita ma'auni. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, baro kuwa yana ɗaukar kimanin kwano huɗu idan an shafe bakinsa. Saboda haka idan aka ce haɗin 1:6, ana nufin kwanon siminti ɗaya da na yashi shida, wato kowane buhu zai ci kwano 12, ko baro uku. Awo da shebur yaudara ne, domin abin da lebura ke ɗiba da safe ba shi yake ɗiba da rana ba.

Wannan 1:6 shi ne haɗin da ya dace da bulon da zai ɗauki nauyin gini. A kansa buhu ɗaya yakan ba da bulo mai inci tara tsakanin 15 zuwa 20, gwargwadon kaurin bangon bulon. To, idan mai buga bulo ya yi mana alkawarin 40 daga buhu guda, lissafi ya nuna ya ninka yashin, haɗin ya koma 1:12 ko fiye. Simintin nan shi ne ke lulluɓe kowace ƙwayar yashi ya manne ta da 'yar'uwarta, in ya yi kaɗan sai ƙwayoyin su zauna babu abin da ya riƙe su. Ana gane irin wannan bulo idan aka murza gefensa da yatsa ya zube, ko aka sake shi daga tsawon ƙugu ya wargaje. Araha dai ba ta ado.

Filasta kuma hukuncinta dabam ne. A bangon waje da ruwan damina ke duka, ana yin 1:4, wato kwano takwas na yashi mai laushi da aka tace ga kowane buhu. A cikin ɗaki 1:6 ya wadatar. A nan yawan siminti ma illa ne, domin filastar da siminti ya yi mata yawa takan tsuke idan tana bushewa, sai ta yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo. Wadda ya yi wa kaɗan kuwa tana zubar da gari da zarar an shafa hannu. Haka nan a jiƙa bango kafin a yaɓa, kada busasshen bulo ya tsotse ruwan kwaɓin.

Shi kankaren harsashi abu uku ake aunawa: siminti, yashi mai kaushi da tsakuwa. Ga ginin ƙasa irin na aji, inda ba a sa rodi ba, 1:3:6 ake yi, wato buhu ɗaya, kwano shida na yashi da 12 na tsakuwa. Inda aka sa rodi, kamar ginshiƙi da gindinsa, sai a koma 1:2:4, kwano huɗu da takwas ke nan, domin kankaren ya yi ƙarfi ya kuma kare ƙarfen daga tsatsa. Ruwa kada ya yi nisa da jarka ɗaya mai lita 25 ga buhu. Leburori na son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda sauƙin zubawa, amma ruwan da ya yi rara yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka a ciki, ƙarfin kankaren ya ragu.

Ko ma'auni ya yi daidai, yashi mai laka yana ɓata aiki. A zuba shi a kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Idan lakar da ta kwanta a sama ta wuce kashi ɗaya cikin 12 na tsawon yashin, a nemi wani. Bayan aiki kuma a riƙa ba bulo da filasta da kankare ruwa safe da yamma na aƙalla kwana bakwai, musamman da hunturu, domin da ruwa siminti ke ƙara tauri, kuma sai ya kwana 28 yake kaiwa ga ƙarfin da ake lissafa masa.

Shawararmu ga kwamiti ita ce a rubuta ma'aunin kowane aiki cikin yarjejeniyar da za a yi da magini, a kuma ajiye wakili mai ƙirga buhu da kwano a wurin kwaɓi.