Darasin addini a aji: don a bi, ko don a sani?



Hanyoyi biyu ake bi wajen shigar da addini aji. A ta farko, malami mabiyin addinin ne, yaran ma haka, kuma manufar ita ce su yi imani su yi aiki da shi. A ta biyu, malami yana bayyana abin da mabiya wani addini suka yarda da shi, ba ya neman kowa ya bi. Daga tambayar jarrabawa ake gane su. Ta farko za ta ce: kawo farillan alwala. Ta biyu za ta ce: me Kiristoci ke tunawa ranar Ista?

Hanya ta farko Nijeriya ta zaɓa. Musulmi ya shiga darasin Musulunci, Kirista ya shiga nasa. Sashe na 38(2) na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ƴan uwanmu na Maraɗi kuwa sun gaji tsarin Faransa, inda makarantar boko ta gwamnati ba ruwanta da addini. Sai iyaye suka nemi mafita a makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda aka fara buɗe irinsu a garin Sayi a 1957. Wato fitar da addini daga aji bai rage buƙatarsa ba, makarantu kawai ya raba gida biyu.

Don haka ba na goyon bayan a cire shi. Uban da ke shakkar boko tun asali, idan ya ji babu darasin addini, ɗansa zai janye. Amma akwai giɓi biyu da nake so mu duba.

Mu ɗauki aji biyu na ƙaramar sakandare a wani birni, yara sittin, uku daga ciki Kiristoci, ƴaƴan ma'aikata ko ƴan kasuwa. An kaɗa ƙararrawa, malamin addinin Musulunci ya shigo. Makarantar ba ta da malamin addinin Kirista, domin ba a turo malami saboda yara uku. To, ina za su? Ko su zauna a bayan aji suna sauraron abin da doka ta ce kada a tilasta masu, ko su fita gindin bishiyar bedi har minti arba'in su cika. Ƙarshen zango kuma takardar sakamako tana neman maki. Dokar ta kare su daga tilas, amma ba ta ba su malami ba. Yaron Musulmi a wata makarantar Inugu yana iya samun kansa a wannan hali. Maganin ba shi da tsada: makarantu uku ko huɗu da ke kusa su yi tarayya a malami ɗaya, a tsara jadawali yadda zai zagaya su.

Giɓi na biyu ya fi damuna. Sauran yara hamsin da bakwai za su gama sakandare ba su taɓa jin bayanin addinin maƙwabcinsu daga bakin malami ba, sai daga wa'azin tasha da abin da ke yawo a waya. Da wannan guzurin za su tafi jami'a da bautar ƙasa.

An taɓa gwada haɗa darussan, aka yi shi ba daidai ba. Hukumar tsara manhaja ta ƙasa ta zuba darasin Musulunci da na Kiristanci da ilimin zaman jama'a da na zama ɗan ƙasa da na tsaro a ƙarƙashin suna ɗaya. A 2017, zamanin minista Adamu Adamu, ƙura ta tashi, wasu na zargin ana son shafe addininsu, har aka ba da umarnin raba su. Kuskuren shi ne an haɗa suna ba a fayyace manufa ba, iyaye suka kasa sanin ko ɗansu zai koyi bi ne ko sani.

Shawarata a bar darasin bi yadda yake, kowa da malaminsa. A babbar sakandare, bayan yaro ya kafu a nasa, a ƙara zango ɗaya na darasin sani: babu addu'a, babu ibada, babu muhawarar wane ne ke kan gaskiya, kuma a sanar da iyaye abin da ke ciki tun kafin a fara. Wanda zai ce wannan baƙon abu ne, ya tuna Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya rubuta Al-Milal wan-Nihal yana bayyana aƙidun wasu yadda masu su suka faɗa.

Wahalar tana wajen malami. Wanda ya saba da mumbari, da wuya ya yi bayanin abin da bai yarda da shi ba ba tare da raddi ya kuɓuce masa ba. Ma'aunin da zan ba kwalejojin horar da malamai shi ne: idan ɗalibin malanta ya gama bayanin wani addini, a sa mabiyinsa ya saurara. Sai ya ce haka muke faɗa, sannan a ba shi aji.