Awon Aiki Kafin Yankan Albashi: Laccar da Aka Gabatar ga 'Yan Kasuwa a Kongolam

 

Duk wanda ya san harkar wannan gari ya san yadda kamfani ke tasowa a bakin iyaka. Mutum ya fara da mota ɗaya da yara uku, yana ɗauko wake da dabbobi daga wajen Matamaye da Damagaram, yana kai kaya kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi. Allah ya sa albarka, motoci suka zama shida, aka gina sito, aka ɗauki akawu, yara suka kai talatin. A lokacin da suke uku, maigida ya san kowa da halin gidansu, abin da ya ba su kuma ba mai tambaya. Da suka kai talatin sai albashin kowa ya zama tarihin ranar da aka ɗauke shi: wannan an ɗauke shi lokacin da kasuwa ke ci, wancan ya zo bayan rufe boda a watan Agustan 2019 sa'ad da kowa ke neman abin yi, wani kuma ɗan ƙanwar maigida ne. Ranar da suka haɗa kai suka gwada abin da kowa ke karɓa, ranar gunaguni ke farawa, kuma galibi wanda ya fi amfani shi ke fara ajiye mukulli ya tafi.

Maganin da nake so mu tattauna shi ne a auna aikin kansa tukuna, ba tare da duban wanda ke yin sa ba, sannan a ɗora masa kuɗi. Ƙasar nan ta taɓa yin haka da girma. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukuma ƙarƙashin Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974. Abin da jama'a ke tunawa shi ne ariyas ɗin da aka biya da tashin farashin da ya biyo baya. Amma abin da ya ɗore shi ne tattara ayyukan gwamnati da aka yi aka jera su a matakai goma sha bakwai, waɗanda ma'aikata ke kira lebul har yau. Kamfanin mutum talatin ba ya bukatar matakai goma sha bakwai. Huɗu ko biyar sun ishe shi.

Bari mu ɗauki kamfani na misali, wanda na ƙirƙira don wannan zama, mai jigilar hatsi da ajiya. Aikin farko shi ne a rubuta abin da kowane aiki ya ƙunsa, shafi ɗaya ga kowanne. A zauna da mai aikin a tambaye shi me yake yi daga safe zuwa dare, me ke hannunsa, wa yake ba umarni, me zai lalace idan ya yi sakaci. A nan ne maigida kan sha mamaki, domin sau da yawa wanda ake kira "yaron sito" shi ne ke karɓar kaya, ya duba awo, ya sa magani don ƙwari, ya riƙe littafin shiga da fita. Sunan aikin ƙarami, nauyinsa babba. Kada maigida ya yi wannan shi kaɗai. A kafa ɗan kwamiti na mutum uku ko biyar, a ciki har da wanda ma'aikata suka yarda da shi, saboda sakamakon da aka fitar a ɗaki a rufe ba wanda zai gaskata shi ko da daidai ne.

Sai a zaɓi ma'auni. Wanda aka fi amfani da shi a duniya abubuwa huɗu yake dubawa: ƙwarewar da aikin ke bukata, alhakin da ke wuyan mai yin sa, wahalar jiki ko ta tunani, da yanayin wurin aikin. A kamfaninmu na misali za mu raba maki ɗari kamar haka: ƙwarewa 35, alhaki 35, wahala 15, yanayi 15. Kowane ma'auni yana da hawa biyar. Ke nan hawa ɗaya a ƙwarewa ko alhaki maki 7 ne, a wahala ko yanayi maki 3 ne. Dole a rubuta ma'anar kowane hawa kafin a taɓa aikin kowa. A alhaki, alal misali, hawa na ɗaya shi ne wanda kuskurensa ake gyarawa nan take, hawa na huɗu shi ne wanda kuskurensa zai iya cinye ribar wata guda.

Ku lura da cewa rabon makin nan hukunci ne, kuma shi ne mafi girman hukuncin da kamfani zai yanke a duk aikin. Idan ka ba takardar makaranta rinjaye, mutanen ofis za su hau sama. Idan ka ba wahalar jiki rinjaye, 'yan dako za su wuce akawu. Ni ina ganin a harkar jigila da ajiya alhaki ya cancanci ya yi kafaɗa da ƙwarewa, domin dukiyar tana kan hanya ne ko a sito, a hannun wasu, maigida yana barci.

To mu auna. Direban tirela: ƙwarewa hawa na uku, maki 21, domin sai da lasisi da shekaru a kan hanya da sanin takardun kwastan. Alhaki hawa na huɗu, maki 28, ga mota ga kaya ga rayukan mutane. Wahala hawa na huɗu, 12. Yanayi hawa na huɗu, 12, kwana a hanya da zafi da haɗari. Jimla 73. Akawu: ƙwarewa 21, alhaki 21 tunda manaja na duba lissafinsa, wahala 6, yanayi 3 don yana cikin inuwa. Jimla 51. Da aka bi sauran haka, mai kula da sito ya sami 61, mai gadin dare 39, ɗan dako 38, manaja 85.

Abin da wannan lissafi ya tono shi ne mai kula da sito ya fi akawu da maki goma, alhali a kamfanoni da yawa akawu ke karɓar fiye da shi, saboda kawai yana da takarda kuma yana zama kusa da maigida. Idan sakamako irin wannan ya ba kwamiti mamaki, a koma a sake karanta bayanin aikin. In an tarar ba kuskure, a bar shi yadda ya fito. Alamar da za ku gane cewa kwamiti ya fara ha'inci ita ce ku ji ana ambaton sunan mutum maimakon sunan aiki, ana cewa "ai Malam wane ya daɗe da mu". Daɗewa tana da wurinta, zan zo kanta.

Yanzu a yanka matakai. Ƙasa da maki 45 mataki na ɗaya: mai gadi da ɗan dako. Daga 45 zuwa 59 mataki na biyu: akawu. Daga 60 zuwa 74 mataki na uku: mai sito da direba. Daga 75 zuwa sama mataki na huɗu. A yi ƙoƙari layin ya faɗa inda akwai tazara tsakanin makin ayyuka, domin idan mai 59 da mai 60 suka rabu a mataki, rigima ce za ta daɗe.

Sai kuɗi. Ƙasan ginin doka ce ta kafa shi. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta sa naira dubu 30, gyaran da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 ya kai shi dubu 70, kuma dokar ta hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Kamfaninmu mai mutum talatin ya shiga ciki, ko maigida ya sani ko bai sani ba. Saboda haka mataki na ɗaya zai fara daga dubu 70 ya tsaya a dubu 90, tsakiyarsa dubu 80. Idan muka sa kowace tsakiya ta ɗara ta ƙasa da ita da kashi 25 cikin ɗari, mataki na biyu tsakiyarsa dubu 100, daga 85 zuwa 115. Na uku tsakiyarsa dubu 125, daga 105 zuwa 145. Waɗannan alƙaluma na misali ne. Naku za su fito daga tambayar abin da makwabtanku a Daura da Kazaure da Katsina ke biya, da abin da ribarku za ta iya ɗauka a shekarar da kasuwa ta yi sanyi.

Faɗin da ke cikin kowane mataki shi ne wurin daɗewa da ƙwazo. Sabon shiga ya fara daga ƙasa, wanda ya ƙware ya kai tsakiya, tsohon hannu amintacce ya doshi sama. Shi ya sa mai gadin da ya shekara goma sha biyar zai iya karɓar dubu 90 alhali sabon akawu yana kan dubu 85, kuma hakan daidai ne.

Wurin da aikin ke da zafi shi ne ranar da aka ɗora ma'aikatan da ake da su a kan sabon tsarin. A ce mai sito yana karɓar dubu 80, ƙasan matakinsa kuwa dubu 105 ne. Ana bin kamfani dubu 25 duk wata, dubu 300 a shekara, kuma wannan haƙƙi ne da za a fara biya, ko da a kashi biyu cikin wata shida. A ce kuma akawu, ɗan'uwan maigida, yana karɓar dubu 150, saman matakinsa kuwa 115. Kada a rage masa, domin da shi aka yi alkawari, kuma ya riga ya ɗora rayuwar iyalinsa a kai. A tsayar da ƙarinsa har tsarin ya cim masa, ko a ƙara masa aikin da zai ɗaga shi zuwa mataki na uku da gaske. Idan maigida yana son ya taimaki ɗan'uwansa don zumunci, ya yi daga aljihunsa, Allah ya ba shi lada. Haka kayan Sallah da gudummawar aure ko suna: alheri ne mai kyau da muka gada, amma a ajiye shi daban da albashi, kada ya zama dalilin danne haƙƙi.

Direbobi kuma suna da tasu matsalar. Wani lokaci kasuwa kan yi musu tsada fiye da abin da maki ya ba su, manyan kamfanoni su yi ta zawarcinsu. Kuskure ne a koma a murɗa makin don a kai su mataki na huɗu, domin da zarar an murɗa sau ɗaya kowa zai nemi a murɗa masa. A ba su alawus na daban mai suna, a rubuta dalilinsa, a sake duba shi duk shekara. Kuɗin hanya ma a ware shi, tunda wanda ya ƙetare zuwa Nijar da sefa yake cin abinci, kuma canji ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ga mata masu tankaɗe da tsince hatsi, idan kamfani yana da su, a auna aikinsu da ma'aunin nan guda. Najeriya ta amince tun 1974 da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1951 wadda ta ce aiki mai daraja ɗaya ladansa ɗaya, namiji ya yi shi ko mace.

Da an kammala, a tara ma'aikata a karanta musu matakan da iyakar kuɗin kowanne, ba sai an faɗi albashin wani ba. A ba kowa wata guda ya kawo ƙorafi idan yana ganin an bar wani ɓangare na aikinsa a baya, kwamiti ya saurare shi ya ba shi amsa a rubuce. Bayan haka, duk lokacin da aka buɗe sabon sito ko aka ƙirƙiro sabon aiki, a auna shi kafin a ɗauki mutum.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a yi tambayoyi.