Karanta tambarin tufa kafin ki biya: auduga ce, roba ce, ko haɗi?

Ga bazara ta matso, kuma da yawanmu in an raba kuɗin asusu, kayan sawar yara muke fara saya. To, yau maganarmu a kan 'yar ƙyallen nan ce da ake ɗinkawa a cikin riga, wadda muke yankewa don tana sosa wuya. Kafin ki yanke, ki karanta ta.

Ki juya rigar ciki waje. In ba ki ga tambarin a wuya ba, duba ɗinkin gefe, can ƙasa, galibi ta hagu. Ba sai kin iya Turanci ba, kalma biyu kawai za ki riƙe. COTTON ita ce auduga, kayan da suka fito daga ƙasashen Faransanci kuma COTON suke rubutawa. POLYESTER kuwa foliyesta ce, wadda muke ce wa roba, domin daga man fetur ake yin zarenta. Lambar da ke kusa da kalmar tana gaya miki kashi nawa ne cikin ɗari, kuma yawanci wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa.

Me ya sa wannan ya dame mu? Zaren auduga yana shan gumi, sai iska ta busar da shi, jiki ya ji sanyi. Zaren foliyesta kusan ba ya shan ruwa. Gumin sai ya tsaya tsakanin fata da riga, rigar ta manne, wari ya tashi da wuri. A jikin jariri kuwa, irin wannan damshin ne ke taimaka wa ƙurajen zafi su fito a wuya da baya.

Mu ce kina gaban mai gwanjo da riguna uku na 'yarki. Ta farko an rubuta 100% COTTON. Ta biyu 65% POLYESTER 35% COTTON. Ta uku 60% COTTON 40% POLYESTER. Ta farko ita ce ta yini a gida da barci cikin zafi, sai dai tana yamutsewa, kuma in sabuwa ce takan ɗan tsuke a wankin farko. Ta biyu fa, ga kalmar auduga a jiki, mai kaya ma zai nuna miki ita da yatsa, amma kusan kashi biyu cikin uku roba ce. Irin wannan yadin ake yawan ɗinka kayan makaranta da shi, don yana jure wanki, yana bushewa da sauri, launinsa ba ya saurin koɗewa. Ba na cewa kar ki saya, amma a watan Afrilu yarinya za ta ji a jikinta, sai ki sa mata shimi ta auduga a ciki. Ni a ganina, in riga ɗaya kuɗinki zai saya, ta ukun ce taki: audugar ta rinjaya, robar kuma ta ƙara mata ƙarko.

Amma tambari ba ya faɗin kauri. Wandon jins auduga ce, ai kun san zafinsa. Ɗaga yadin ki duba ta hasken rana, ki hura iska ta cikinsa. In kin ji iskar a tafin hannunki, zai sha iska a jiki. Ɗinkin ma ya zama sakakke.

Atamfa da yadin da ake yankowa sau da yawa ba su da wannan tambari, rubutun bakin atamfa kuma ana iya buga na ƙarya. Masu sarin turmi su sayar a ƙauye, ku saurara da kyau, don nan jari ke karyewa. Ki roƙi ɗan ƙyalle, ko ki zare zare kaɗan daga bakin yadin, na tsaye da na kwance, domin wani lokaci kowanne da irinsa. Ki riƙe da cokali ko almakashi, ba da yatsa ba, ki kunna ashana a waje, da ruwa a kusa. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Foliyesta tana ƙanƙancewa ta guje wa wutar, ta narke da baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri kamar ƙonanniyar leda. In kin ga toka da dunƙule tare, haɗi ne, sai dai gwajin ba zai gaya miki kashi nawa ba.

Wannan narkewar ita ce dalilin da ya sa nake roƙonku kar a tsaya gaban murhu ko kaskon suya da hijabin roba yana reto. Auduga ma tana kamawa da wuta, amma roba in ta narke, manne wa fata take yi.

Yanzu kowacce ta ɗauki riga ɗaya cikin waɗanda aka kawo, ta nemo tambarin, ta karanta wa ta kusa da ita lambobin.