Ƙwayar Barci: Yadda Ake Rabuwa da Ita Sannu a Hankali



Maganata a yau a kan ƙwayoyin barci ne na dangin da likitoci ke kira benzodiyazefin. Sanannu daga cikinsu su ne diyazefam, wanda muka fi sani da baliyam, da kuma lekzotan. Wanda ya yi watanni yana shan ɗaya daga cikinsu kowane dare, kada ya yanke shi rana ɗaya, ko da niyyarsa ta alheri ce.

Ga dalili. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ke aiki kamar birki, yana rage zafin jijiyoyi. Ƙwayar tana ƙara wa birkin nan ƙarfi, shi ya sa barci ke zuwa. Idan aka ɗauki makonni ana sha kullum, sai ƙwaƙwalwa ta sassauta nata birkin, ta dogara da na aro. Wannan sabo yana iya kama mutumin da bai taɓa wuce adadin da likita ya rubuta masa ba. Ranar da aka janye ƙwayar gaba ɗaya, jijiyoyi sai su tashi babu mai tsayar da su. Barci ya ƙaurace fiye da da, hannu ya riƙa rawa, gumi ya karyo, gaba ya riƙa faɗuwa, ƙara kaɗan ta zama azaba. Mafi muni shi ne ruɗewar hankali da jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda ke iya kashe mutum.

Diyazefam yana da wata yaudara. Yakan daɗe a jiki, don haka wanda ya daina yana iya yin kwana uku ko ma mako guda lafiya lau, har ya ce ya rabu da shi, sannan alamun su bayyana. Lekzotan ya fi shi saurin fita daga jiki, nasa alamun sukan zo da wuri.

Hanyar da likitoci ke bi ita ce ragewa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a tsaya mako biyu ko fiye kafin a sake ragewa. Mu ɗauki misalin malamin da ya yi wata shida yana shan miligiram 10 na diyazefam kowane dare. Likita zai iya mayar da shi miligiram 9, wato ƙwayar miligiram 5 guda ɗaya da ta miligiram 2 guda biyu. Bayan mako biyu ya koma 8, haka har ya kai 5 a mako na tara, ya zauna a kansa zuwa ƙarshen mako na goma. Daga nan tafiyar takan ƙara nawa, domin cire miligiram 1 daga cikin 5 kashi 20 ne cikin ɗari, ya yi wa jiki yawa. Sai a riƙa cire rabin miligiram, wato kwatar ƙwayar miligiram 2, duk bayan mako biyu. A dunƙule, aikin zai ci wajen wata bakwai, ya ma fi tsawon lokacin da ya yi yana sha. Wannan misali ne kawai. Jadawalin kowa likitansa ne zai tsara, bisa shekarunsa da sauran cututtukansa.

Ta yaya za a gane an yi sauri? Ƙarancin barci na 'yan kwanaki bayan kowane ragi abu ne da ake tsammani, kuma yakan lafa. Amma idan mako ya zagayo malam bai iya tsayawa gaban allo ba saboda rawar jiki da firgici, to a sanar da likita. Yawanci zai ce a dakata a kan adadin da ake kai har jiki ya natsu, sannan a ci gaba da ragi mafi ƙanƙanta. Kada a sha yau a tsallake gobe, kada kuma a ƙara ƙwaya don dare ya yi tsawo.

Ku iyalai, ga naku aikin. Kada ku ɓoye masa maganin ko ku zubar da shi don kuna son ya daina. Ku tuna masa ya karɓo wani kafin na hannunsa ya ƙare, musamman idan albashi ya yi jinkiri ko tafiya ta kama. Kada ya haɗa shi da giya ko taramol ko kodin, domin haɗin yana danne numfashi. Idan kuka ga yana jijjiga, ko yana ganin abin da babu, ko yana zancen kashe kansa, ku kai shi asibiti a take, ku tafi da kwalin maganin, ku faɗa wa likita ranar da ya sha na ƙarshe.

 Allah ya ƙara mana lafiya.