Jawabi Ga Leburorinmu Masu Haƙa Rami

Mu 'yan kasuwa ne, amma shekara da shekaru muna sayar wa masu gini siminti da falanki a nan Agege, kuma yawancin masu riƙe diga da shebur a ramukan Ikko 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Shi ya sa muka ce kafin kowa ya sauka rami yau a ba mu kunne kaɗan.

Mu fara da nauyin ƙasa, don a nan ake yaudaruwa. A ce ramin gota ne ko na shimfiɗa bututu, zurfinsa ƙafa 6. Bangon gefe ya ɓalle, tsawon ƙafa 6, kaurinsa ƙafa 1 kacal. Wannan ɗan ɓallin da ido zai raina, nauyinsa ya kai na buhun siminti wajen 30. Wane ne a cikinmu zai tashi da buhu 30 a bayansa? Kuma ba sai ta rufe kai take kisa ba. In ta kai wa mutum ƙirji, duk lokacin da ya fitar da numfashi sai ta ƙara matsewa, ya nemi jawo wani ya kasa. Faɗowarta kuwa kafin ka ajiye shebur an gama, balle mai duƙe yana gyara bututu.

To, ƙa'idar da za mu riƙe ita ce: rami in ya kai ƙirjin mutum, wato kamar ƙafa 4, ba a shiga sai an yi ɗayan abu biyu. Na farko a kwantar da bangon, bakin ramin ya fi gindinsa faɗi. A yashi, irin na Leki da Aja inda da yawa suke zuwa aiki, kowace ƙafa 1 ta zurfi tana son a ja baya ƙafa 1 da rabi. Ramin nan namu mai ƙafa 6 ke nan sai an ja baya ƙafa 9 dama, 9 hagu. In gindinsa ƙafa 2 ne, bakinsa ya zama ƙafa 20. Ina filin yake a Ikko, gida manne da gida? Don haka yawanci sai na biyu, wato a tokare. Kafinta ya jera falanki a tsaye jikin bangon biyu, ya gicciya katako mai ƙwari a kansu, sannan ya sa tokara daga wannan gefe zuwa wancan. Ana sawa daga sama zuwa ƙasa yayin da ake haƙa, ana cirewa daga ƙasa zuwa sama yayin da ake cikewa.

Wani zai ce ai jar ƙasar Agege tsaye take kamar bango. Da rani tana tsayuwa, gaskiya ne. Amma in ruwan Yuni da Yuli ya jiƙa ta, ta ƙara nauyi, ta yi laushi, ramin da ya kwana lafiya jiya ba shi ne na yau ba. Inda aka taɓa haƙawa aka cike, ko tsohuwar bola, wannan ko da rani ba shi da amana.

Ƙasar da muka fitar kada mu tara ta a bakin rami, nauyinta ne ke tura bango. A matsar da ita aƙalla ƙafa 2, in da hali taku guda babba. Haka bulo da buhunan siminti. Tifa ko katafila in za ta matso, kowa ya fito tukuna, girgizarta kaɗai ta isa. Tsani ya kasance a kusa, kuma a bar mutum ɗaya a sama yana kallo.

Me zai kalla? Tsagewa a ƙasa da ta bi tsawon bakin rami, ko bango ya yi ciki, ko ruwa yana tsattsafowa daga gindi, ko ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan ba wanda ya taɓa ta. Ya ga ɗaya, ya yi ihu, a fito, a bar shebur a can. Mun san tsoron da ke ran ɗan kwadago: in ya ƙi sauka, ɗan kwangila ya ɗauki wani a bakin titi. Shi ya sa magana ta fito daga bakin duka, kada a bar yaro ɗaya da ita.

In kuma ta riga ta faɗa wa wani, kada a yi tururuwa a faɗa ramin, don bangon da ya zube sau ɗaya yakan sake, ya haɗa da mai ceto. A kashe injuna, a janye jama'a daga baki, a kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na Jihar Legas. A sa alama inda aka gan shi na ƙarshe. A tokare bango kafin a sauka, a tona da hannu da ƙaramin shebur, ban da diga, ban da katafila. A fara buɗe fuska da ƙirji, kada a ɗaura igiya a fizge shi. Ko ya fito yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar, don naman da ƙasa ta daɗe tana dannewa yana iya taɓa ƙoda bayan sa'o'i.