Me Ya Sa Harajin Kamfani Ba Ya Zama Kashi 30 Cif Na Ribarsa?

Takardar da aka gabatar a taron bita na akantoci da masu masana'antu na Ƙaraye da Rogo



Ƙa'idar IAS 12, a sakin layi na 81(c), ta wajabta wa kamfani ya bayyana dalilin da harajin da ya rubuta a rahotonsa ya saɓa wa kason da doka ta yanka a kan riba. Zan yi bayanin da misali, bisa dokar da ta yi aiki a 2024, lokacin da babban kamfani ke biyan kashi 30 cikin ɗari.

Mu ƙaddara wani injin casar shinkafa a Daura ta Ƙaraye ya ci ribar naira miliyan 200 kafin haraji. Mai shi zai sa ran harajin miliyan 60, sai ya tarar da miliyan 63.6, wato kashi 31.8. Kamfanin ya kashe miliyan 10 a tara da gudummawar da doka ba ta yarda a cire ba, wannan ya ƙara miliyan 3. Ya karɓi ribar hannun jari miliyan 20 daga wani kamfanin Nijeriya, wadda an riga an cire mata haraji tun a tushe, sai aka rage miliyan 6. Harajin ilimi na kashi 3 kuma ya kawo miliyan 6.6, domin ana ɗora shi ne a kan miliyan 220, wato bayan an mayar da tsufan injuna cikin riba, kafin a cire rangwamensu. A tara waɗannan a kan 60, za a sami 63.6.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne injuna. Akanta ya rubuta tsufansu miliyan 30, doka kuwa ta ba da rangwamen miliyan 50. Saboda haka harajin kamfani da za a biya bana miliyan 51 ne kawai, a kan miliyan 170. Amma miliyan 6 da aka samu sauƙinsu saboda rangwamen ya zarce tsufan jinkiri ne, za su dawo idan rangwamen ya ƙare alhali injin yana ci gaba da tsufa a littafi. Don haka ake rubuta su tun bana a matsayin harajin da aka jinkirta, su soke sauƙin, shi ya sa injuna ba su fito a lissafinmu na sama ba. A ganina, duk jadawalin da ya jera tsufan injuna da rangwamensu cikin dalilan bambanci abin tuhuma ne: galibi ba a lissafa harajin jinkiri ba, ko an cusa shi cikin layin "sauransu" don lissafi ya rufe.

Daga Janairun 2026, sabuwar dokar haraji ta 2025 ta maye gurbin harajin ilimi da wasu kuɗaɗen da harajin raya ƙasa na kashi 4. Ina kira ga akantocinmu su ware masa layinsa, masu kamfani kuma su nemi bayanin kowane layi kafin su sa hannu.