Dubu goma ta isa tallan farko a Facebook?

Yau kan maɓallin Boost post zan yi magana. Mu ɗauka kina sayar da hijabi a Jega, ribarki ₦1,500 a kowanne.

Farko, me kike nema? Ni shawarata ki zaɓi Get more messages, saƙonni su shigo WhatsApp ɗinki. Masu danna Like ba ciniki suka zo yi ba.

Sai su wa za su gani. Kar ki zaɓi Najeriya gaba ɗaya, kuɗin zai watse ne a banza. Sa Jega a taswira, ki ba da faɗin kilomita 25, Aliero da Maiyama duk sun shigo.

To, kwana nawa? Ki sa ₦2,000 kullum har kwana 5. Kwana ɗaya bai isa ki gane komai ba. ₦10,000 ke nan, da harajin kashi 7.5 ya zama ₦10,750.

Ga lissafin: sai kin sayar da hijabi 8 kuɗinki zai fito. In kwana 3 suka wuce ba mai tambayar farashi, tsayar da shi, ki canza hoton.

Sai shiri na gaba, Allah ya kawo kasuwa.